Kira, Alƙawari da Lambar Waya: Yadda Ake Riƙe CRM Ba Tare da Ya Rikice Ba

Duk wanda ya taɓa zama a shago ya san littafin bashi. Kowane kwastoma da shafinsa, an rubuta abin da ya ɗauka, ranar da ya ɗauka, da ranar da ya ce zai biya. Manhajar da ake kira CRM, wato manhajar kula da hulɗa da abokan ciniki, wannan littafin ne aka faɗaɗa. Bambancin shi ne ba kuɗi kaɗai take riƙewa ba, har da magana: wa aka kira, me ya ce, me aka yi masa alƙawari, kuma yaushe za a sake nemansa. Salesforce, HubSpot, Zoho CRM da Odoo duk a kan wannan ginshiƙin suke, ko da yake kowacce da sunan da take ba wa maɓallanta.

Abin da nake so in warware a nan guda ne. Rubuta kira, sa tunatarwa da tsaftace bayanai ana koyar da su kamar darussa uku, alhali sarƙa ɗaya ce. Kira yana haifar da alƙawari, alƙawari yana buƙatar rana, su biyun kuma suna buƙatar shafi ɗaya tak da za su zauna a kai. Idan mutum ɗaya yana da shafi biyu, to rabin labarinsa yana nan, rabi yana can, kuma duk wanda ya buɗe ɗaya zai yi aiki da rabin gaskiya yana zaton ita ce duka.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce kamfani ne mai sayar da kayan sola a Kano, da ma'aikata uku masu amsa waya. Ranar Talata 4 ga wata wani mai kantin magani ya kira, yana son abin da zai riƙe masa firji ɗaya, fankoki biyu da fitilu idan an ɗauke wuta. Wata ma'aikaciya ta amsa, suka yi magana ta minti shida, ta ba shi farashin inbata da batir biyu. Ya ce zai yi shawara da yayansa, wanda da shi suka haɗa jari, a neme shi bayan kwana biyu.

Da ta ajiye waya, aikin manhaja ya fara. A Salesforce akwai maɓallin `Log a Call`, wanda ke adana kiran a matsayin aikin da aka riga aka gama, ya liƙa shi a shafin mutumin. Zoho CRM ma yana da irinsa a sashen `Calls`. A HubSpot, bayan rubutun, akwai gurbin sakamakon kira mai ɗauke da zaɓi irin su `Connected`, `No answer`, `Busy` da `Wrong number`. Waɗannan guraben ba wuya gare su. Inda ake faɗuwa shi ne farin filin nan da aka bari a rubuta abin da aka tattauna.

Mafi yawan abin da za ka tarar a wannan fili shi ne "An kira shi" ko "Mun yi magana, zai dawo." Wannan rubutu bai ƙara komai ba, domin manhajar ta riga ta san an yi kira, har da ranar da lokacin. Awon da nake ganin ya dace shi ne: idan wadda ta yi kiran ta wayi gari ba lafiya, abokin aikinta ya buɗe shafin, zai iya ɗaga waya ya ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da ya ce wa kwastoma "ranka ya daɗe, tuna mini abin da kuka tattauna" ba? Rubutun da zai ci wannan jarrabawa ga shi kamar haka: "Kantin magani ne. Yana son riƙe firji 1, fanka 2, fitilu, kimanin awa 8 da dare. Na ba shi farashin inbata da batir 2, naira 1,800,000 har da haɗawa, farashin na kwana 7 ne. Yayansa ne ke da ta cewa kan kuɗi. Ya tambayi ko za a iya biya kashi biyu, na ce zan tambayi manaja. A kira shi Alhamis bayan La'asar." Layi biyar ne, bai kai minti biyu ba, amma a cikinsa akwai buƙatarsa, abin da muka faɗa masa, wanda zai yanke hukunci, bashin amsar da ke wuyanmu, da lokacin komawa.

A lura da jimlar nan ta "na ce zan tambayi manaja". Ita ce ta fi saurin ɓacewa, domin mai sayarwa yakan tuna abin da kwastoma ya yi alƙawari ya manta wanda shi ya yi. Idan aka kira mutumin ranar Alhamis ba tare da amsar biya kashi biyu ba, kiran ya tashi a banza, kuma ya fara fahimtar cewa maganarsa ba ta zama a kunnen kowa. Saboda haka wannan kira guda ya haifar da ayyuka biyu: tambayar manaja ranar Laraba, da kiran kwastoma ranar Alhamis.

Sai maganar lokacin rubutawa. Wasu suna tara kiran yini su rubuta da yamma kafin tashi. Wanda ya yi kira talatin ba zai iya tuna wa ya ce batir biyu, wa ya ce huɗu ba, abin da zai rubuta ƙirƙira ce mai kama da gaskiya. A rubuta kafin a danna lamba ta gaba. Haka kuma kiran da ba a ɗauka ba, shi ma a shigar da shi, da zaɓin `No answer` kawai ba sai an yi dogon bayani ba. Amfaninsa yana fitowa ne daga baya: idan shafi ya nuna an kira sau huɗu da safe ba a ɗauka ba, sau ɗaya da yamma an ɗauka, to an san lokacin mutumin ke nan. Idan kuma duk kiran a kashe ake samun layin tsawon makonni, akwai alamar lambar ta mutu. A nan ƙasar ciniki mai yawa a WhatsApp yake ƙarewa, har da saƙon murya, kuma duk abin da aka ƙulla a can manhajar ba ta san da shi ba sai an haɗa su ko an kwafo da hannu. Ba sai an kwafo hira duka ba. Farashin da aka amince da shi da ranar da aka sa, su ne dole su shigo shafin.

Tunatarwa kuwa tana tsayawa ne da ƙafa uku: abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar da za a yi. Ko wanne ya ɓace ta faɗi. "A bi diddigi" ba aiki ba ne, domin ranar da ta taso wanda ya gani sai ya sake buɗe tarihin duka kafin ya gane me ake nufi. "Kira shi da amsar biya kashi biyu, farashi zai ƙare 11 ga wata" aiki ne da mutum zai gani ya ɗaga waya nan take. Mai aikin kuma ya zama mutum ɗaya da sunansa. Aikin da aka ɗora wa "sashen sayarwa" baki ɗaya yakan zama na kowa, wato ba na kowa ba.

Ƙafa ta uku ita ce ke da ɗan wahala a wajenmu, saboda yadda muke faɗin lokaci. Manhaja tana son kwanan wata da ƙarfe nawa. Kwastoma kuwa cewa yake "jibi", "gata", "ƙarshen wata in an yi albashi", "bayan Sallah", "in na dawo daga Legas", "in kaya sun faɗi". Aikin mai rubutu ne ya mayar da wannan magana rana tun wayar tana kunne. Idan ya ce bayan kwana biyu, sai a ce masa, "To ranka ya daɗe, Alhamis ke nan in Allah ya kai mu, da safe ko bayan La'asar?" Amsarsa ita ce za a shigar. Bayan Sallah ba ta da rana tsayayya tunda sai an ga wata, kuma ba wanda ke son a kira shi kan batir ranar hawan Daushe, don haka a sa tunatarwar kamar mako guda bayan ranar da ake sa rai, a rubuta dalili a ciki. Ranar Juma'a daga azahar zuwa saukowa daga masallaci ba lokacin kira ba ne, haka gab da shan ruwa a watan azumi. Wasu manhajojin suna ba da rana da kansu, misali HubSpot yakan ba da shawarar aikin bibiya bayan ranakun aiki uku idan an rubuta kira. Wannan sauƙi ne, amma kada ya maye gurbin ranar da mutumin ya faɗa da bakinsa.

Akwai kuma wata ƙaramar matsala da ke sa mutane su ce manhaja ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Idan tunatarwa tana tasowa a lokacin da ba shi aka sa ba, kullum da tazarar awa iri ɗaya, a duba saitin yankin lokaci na asusun ma'aikacin. Na Nijeriya shi ne `Africa/Lagos`, awa ɗaya gaba da agogon Greenwich, kuma Nijar, Kamaru da Chadi duk lokacinsu ɗaya da namu. Gana tana bayanmu da awa ɗaya. Asusun da aka buɗe aka bar shi a kan lokacin Amurka zai riƙa tashin mutum kan kiran La'asar bayan an yi Isha'i.

Ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace amfani ita ce: kada a bar ciniki a buɗe ba tare da mataki na gaba mai rana ba. Bayan kowane kira, ko dai a sa aiki na gaba, ko a rufe cinikin a rubuta dalili. Babu na uku. Rufewar ce mutane ke gudu, domin ba wanda ke son rubuta cewa ya rasa ciniki, kuma mu mutane ne masu kara, kwastoma ba kasafai yake cewa "ba na so" ba. Cewa zai yi "zan neme ka", ko "bari dai mu gani". Sai ma'aikaci ya riƙa tura tunatarwar gaba mako bayan mako, har ayyukan da lokacinsu ya wuce su kai ɗari. A Odoo irin waɗannan ja suke fitowa, na yau ruwan ɗorawa, na gaba kore. Ranar da allo ya cika da ja, ido ya daina ganinsa, kuma kiran mai kantin maganin nan da ke shirye ya biya zai nutse cikin tsofaffin da suka mutu tun bara. Gara a yanke adadi, a ce bayan kira biyar a ranaku da lokuta daban-daban ba amsa, a tura saƙo ɗaya na sallama, a rufe da dalilin "ba a same shi ba". Shafinsa yana nan, in ya dawo a sake buɗewa.

Yanzu mu koma kan mai kantin magani, domin a nan ne sarƙar ke tsinkewa. Ranar Laraba ya tuna wata tambaya, sai ya kira da ɗaya layinsa, tunda kusan kowa yanzu layi biyu gare shi saboda sabis. Wani ma'aikacin daban ya ɗauka, ya rubuta lambar a gurbin bincike, bai ga komai ba, ya buɗe sabon shafi. Sunan da ma'aikaciyar ta rubuta Muhammad, shi ya rubuta Mohammed. Bai ga farashin jiya ba, kuma da safiyar nan an taɓa farashin batir, sai ya ce masa naira 1,870,000. Ranar Alhamis ma'aikaciyar ta kira da tsohon farashinta ba ta san an yi wata magana ba. Mutumin yanzu yana da farashi biyu daga kamfani ɗaya cikin kwana biyu, kuma abin da zai faɗa wa yayansa shi ne mutanen nan ba su da tsayayyiyar magana. Babu wanda ya yi ƙarya, kowa ya rubuta kiransa da kyau, kowa ya sa tunatarwarsa. Shafi ne ya zama biyu.

Dalilin da ya sa wannan ya fi damun mu shi ne yawancin manhajojin an gina su ne a inda imel ke bambanta mutum da mutum. HubSpot, alal misali, da adireshin imel yake gane cewa wannan mutumin yana nan tun da, kamfani kuma da sunan shafinsa na intanet. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa da wuya ya ba ka imel, in ma yana da shi an buɗe masa ne ranar da ya sayi waya. Suna kuma ba ya raba gardama: Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mamman duk mutum ɗaya ne a wani lokaci, a wani lokacin kuma Sani Abdullahi biyar ne mabambanta a unguwa ɗaya. Ga Alhaji, Malam da Hajiya da ake cusawa a gurbin suna. Abin da ya rage mana da za a iya dogara da shi shi ne lambar waya, ita ma sai an yi mata tarbiyya.

Lamba ɗaya tana iya shiga da fuska huɗu ko biyar:

```
08030000000
0803 000 0000
8030000000
2348030000000
+2348030000000
```

A idon mutum duk abu ɗaya ne. Manhajar da ke gwada harafi da harafi kuwa tana iya ɗaukarsu mutum biyar. Maganin shi ne a zaɓi siffa ɗaya, kuma wadda duniya ta amince da ita ita ce ta ƙarshen, tsarin da ake kira E.164: alamar tarawa, lambar ƙasa, sannan lambar mutum ba tare da sifilin farko ba, ba tazara, kuma ba ta wuce lambobi 15. Ta Nijeriya 234 ce sai lambobi 10. Ta Nijar 227 ce sai lambobi 8. Ta Gana 233 sai lambobi 9. Wanda ke da kwastomomi a Maraɗi ko Damagaram dole ya kula da wannan, domin ba tare da lambar ƙasa ba manhajar da ke buga waya da kanta ba za ta san inda za ta nufa ba.

Ta uku a jerin nan, wadda ba ta da sifilin farko, yawanci ba mutum ne ya rubuta ta haka ba. Aikin Excel ne. Idan aka shigar da lambar waya a gurbin da yake ɗauka na lissafi ne, sai ya yar da sifilin farko, tunda a lissafi ba shi da amfani. Idan kuma lambar ta kai lambobi 12 ko fiye, sai ya nuna ta kamar `2.34803E+12`, kuma idan aka adana fayil ɗin a siffar CSV, wato jerin rubutu zalla da ake zuba wa manhaja, a wannan hali, abin da ake gani shi ake adanawa, sauran lambobin sun tafi ke nan. Mutum ya zuba kwastomomi dubu a manhaja daga irin wannan fayil, sai ya tarar ɗaruruwa lambarsu ɗaya. Kafin a shigar da ko lamba ɗaya, a mayar da layin guraben lambar waya gaba ɗaya zuwa `Text`. Fayil ɗin CSV da aka sauke daga manhaja kuma kada a buɗe shi da danna shi sau biyu, a shigo da shi ta `From Text/CSV` a zaɓi `Text` ga layin waya. Wajen adanawa a zaɓi `CSV UTF-8`, in ba haka ba haruffanmu masu lanƙwasa na iya komawa alamar tambaya, Ɗanjuma ya zama ?anjuma, bincike ya kasa gano shi.

Idan lambobin sun riga sun cakuɗe, kuma duk na Nijeriya ne, wannan ƙa'idar ta Excel tana daidaita su, a ce lambar tana gurbin `A2`. Tana cire tazara, ta ɗauki lambobi goma na ƙarshe, ta sa musu lambar ƙasa:

```
="+234"&RIGHT(SUBSTITUTE(A2," ",""),10)
```

Sai a duba da `LEN` cewa kowace ta fito haruffa 14, wadda ta gaza an san tun asali a gutsure take. Daga nan `Duplicate Values` da ke ƙarƙashin `Conditional Formatting` zai rina waɗanda suka maimaitu. Amma a kula sosai: ƙa'idar ba ta san ƙasa ba. Idan lambar Nijar ta faɗa ciki, za ta ɗebo lambobinta 8 haɗe da 27 na wutsiyar 227, ta manna musu 234, ta fitar da lamba mai tsawon da ya dace wadda ba ta kowa ba ce. Awon tsawo ba zai kama ta ba. Don haka a ware lambobin ƙetare gefe kafin a fara.

Daidaita siffa yana magance lamba ɗaya mai fuska biyar. Bai magance mutum ɗaya mai layi biyu ba, wanda shi ne matsalar mai kantin maganinmu. Wannan sai da baki. A kiran farko a tambaya, "Akwai wani layin da ake samunka? Wanne ne na WhatsApp?" a sa na biyun a gurbinsa na daban, kada a cusa lambobi biyu a gurbi ɗaya da alamar tsaga a tsakani, domin hakan yana kashe bincike. Wanda ya ɗauki kira daga baƙuwar lamba kuma, kafin ya buɗe sabon shafi, ya tambaya ko an taɓa magana da kamfanin, ya bincika da sunan kanti ko unguwa. Da ma'aikacin nan ya yi wannan tambaya guda, da mutumin ya ce masa ai jiya ma na yi magana da wata 'yar'uwarku, da an tsira. Manhajojin suna taimakawa ta nasu ɓangaren. A Zoho CRM ana iya sa gurbi ya ƙi karɓar abin da aka riga aka shigar. A Salesforce akwai `Matching Rules` da ke fayyace me ake kira kama, da `Duplicate Rules` da ke yanke ko a yi gargaɗi ko a hana adanawa. Ni na fi son gargaɗi a kan hani idan lambar waya ce, saboda a gidajenmu waya ɗaya takan yi wa mutum biyu aiki: mace ta ba da lambar mijinta, uba ya ba da ta ɗansa, ko yaron shago ya kira da wayar maigida. Hani kai tsaye yakan sa ma'aikaci ya canza lamba ɗaya a ƙarshe don manhaja ta bar shi ya wuce, wannan kuwa ya fi maimaici muni.

Idan an gano shafi biyu na mutum ɗaya, ba gogewa ake yi ba, haɗewa ake yi. Wanda ya goge ɗaya ya tafi da kiran da ke jikinsa. A haɗewa ana zaɓar shafin da zai zama uwa, a bi gurbi-gurbi a zaɓi bayanin da ya fi inganci, sannan kira, ayyuka da cinikin ɗayan su dawo ƙarƙashinsa. Salesforce yana haɗe har shafi uku a lokaci guda. A HubSpot idan an haɗe ba a warwarewa, don haka sai an tabbata. Kamar suna kaɗai ba hujja ba ce. A nemi abu biyu da suka dace, kamar suna da sunan kanti, ko lamba da unguwa, in ana shakka a kira mutumin a tambaye shi. Haɗe mutum biyu mabambanta ya fi barin maimaici ɓarna, domin bashin wani na iya komawa kan wani. A misalinmu, bayan haɗewa akwai sauran aiki: yanzu shafin yana ɗauke da tunatarwa biyu da farashi biyu. Sai a rufe tunatarwa ɗaya, a bar mutum ɗaya a matsayin mai kula da shi, manaja ya yanke cewa farashin ranar Talata ne ke aiki tunda an ce na kwana bakwai ne, a kira shi a ba shi haƙuri a faɗa masa haka, a rubuta wannan kiran ma.

Lamba kuma tana tsufa. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin sadarwa yakan karɓe ya sayar wa wani. Saboda haka idan aka kira tsohon kwastoma aka ji baƙuwar murya ta ce ba ta san shi ba, a zaɓi `Wrong number`, a cire lambar daga gurbin kira, a ajiye ta a bayani da ranar da aka gano. Kada a fara karanto wa wanda ya ɗauka bayanin bashi ko adireshin gidan wani kafin a tabbatar da wa ake magana. Haka kuma farkon lamba ba ya nuna kamfanin layi da tabbas, tunda daga 2013 ana iya ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani a Nijeriya.

Yadda za a gane ko manhajar tana da lafiya bai buƙatar ƙwararre. Sau ɗaya a mako, a ce safiyar Litinin, mai kula da sashe ya tace abu uku: cinikin da ke buɗe ba shi da aiki na gaba, ayyukan da suka wuce lokaci da fiye da kwana uku, da shafukan da aka buɗe a makon da ya wuce, a jere bisa lambar waya. Na ukun minti goma ne idan ana yi kowane mako, wata guda ne idan aka bari shekara ta zagayo. Sannan ya buɗe kira biyar cikin na makon ba tare da zaɓe ba, ya karanta. Ina gargaɗi kan auna ma'aikata da yawan kiran da suka shigar kawai, domin duk ranar da aka ce kowa sai ya kai kira hamsin, za a samu hamsin, rabinsu "An kira shi".

Akwai hakki a cikin wannan aiki, kuma yanzu akwai doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta ba mutum damar neman a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, a gyara kuskure, kuma ya ƙi a riƙa tallata masa kaya. Wannan yana nufin duk abin da aka rubuta a filin bayani a rubuta shi kamar mai shi zai karanta wata rana. "Ya ce kuɗi bai shigo ba, a jira ƙarshen wata" bayani ne. Zagi ko tsegumi kan iyalinsa ba su da gurbi a nan. Lambar sirri ta katin banki ko BVN ba a rubuta su a bayanin kira ko da shi ya karanto da kansa, kuma idan ana naɗar murya a sanar da shi tun farkon kiran. Wanda kuma ya ce kada a sake kiransa, kuskuren da aka fi yi shi ne a goge shafinsa gaba ɗaya da niyyar mutunta shi. Bayan wata uku wani ya zubo tsohon fayil ɗin Excel, mutumin ya dawo a matsayin sabo, a sake damunsa. Abin da ya dace shi ne a bar lambarsa da alamar kada a kira, da ranar da ya faɗa, a rufe duk tunatarwar da ke kansa, sannan kowane fayil da za a shigo da shi a gwada shi da jerin masu wannan alama kafin a danna `Import`.